Na tafi sallah na bar taima tana gudu, ya zan yi da minti 32 ɗin nan?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da wata 'yar matsala da ke cin raina tun jiya. Ina yi wa wata mata aikin rubuta hirarrakin Hausa da aka naɗa, ta Upwork, shafin samun aiki ta intanet, kwantiragin awa ne, dala 6 duk awa. Ranar Alhamis na tashi da ƙarfe 1:24 don yin azahar, na zuba wa yara abinci, ni ma na ɗan taɓa, ban dawo kan kwamfuta ba sai 1:56. Sai jiya Asabar da nake duba Work Diary, inda manhajarsu ke ajiye lissafin lokacin aikina, na ga ashe ban tsayar da taima ba. Autana ya yi ta wasa da linzamin kwamfutar, don haka duk an ƙirga min lokacin kamar ina aiki. Matar ba ta ce komai ba, ina jin ma ba ta duba ba. Shin in goge ne, ko dama irin wannan hutun yana cikin aiki? Kuma in gogewa ce, ta yaya, tunda akwatunan na minti goma-goma ne ba su zo daidai da lokacin da na tashi ba?

Sadiq_Gwale:
Wa alaikumus salam. Anti dala uku fa muke magana, ko kuɗin datan wata bai kai ba. Ki bar abinki. Wanda ke ofis ma yana zuwa masallaci ya ci abinci ya yi hira, albashinsa cas yake ɗauka.

Injiniya_Kabir:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Bari in fara da tambayarki ta biyu, ita ce mai sauƙi, kuma lokaci na ƙurewa. Mako a Upwork yana ƙarewa ne daren Lahadi da agogon UTC, sannan kina da damar gyara Work Diary har zuwa ƙarfe 12 na ranar Litinin UTC, wato ƙarfe 1 na rana agogon Najeriya da Nijar. Bayan nan an kulle, ba ki iya goge komai, sai dai ki mayar mata da kuɗi. Yau Lahadi, don haka har yanzu abin yana hannunki.

Yadda manhajar take aiki: tana yanka awa gida shida, a kowane gida na minti goma tana ɗaukar hoton fuskar kwamfutarki sau ɗaya a lokacin da ba ki sani ba, tana kuma ƙirga sau nawa aka danna kibod ko linzami. Layukan nan goma da ke jikin kowane hoto suna nuna minti nawa aka yi motsi a cikin goman. Ba a goge rabin akwati, in kika goge hoto duk minti goman sun tafi.

To ke akwatuna huɗu abin ya shafa: na 1:20, 1:30, 1:40 da 1:50. Na tsakiya biyun ba ko tantama, ba kya nan, ki goge. Na farko kin yi aikin minti huɗu, na ƙarshe ma minti huɗu. Haɗa su takwas ke nan, kusan akwati guda. Sai ki goge ɗaya daga cikinsu ki bar ɗaya. Kin cire minti 30 ke nan daga 32, dala 3.

Sadiq_Gwale:
To Injiniya sauran minti biyun fa? Ko su ma za a tsaya hisabi a kansu? 😂

Injiniya_Kabir:
Ka ji ka. Gobe ta fara aiki minti biyu kafin ta kunna, shi ke nan an rama.

Ummi_Tech:
Ni ban ga dalilin gogewa ba gaskiya. Na karanta cewa a Amurka doka ce, gajeren hutu dole a biya ma'aikaci. In dai matar 'yar can ce ai ta san da haka.

Barista_Hauwa:
Ummi kin faɗi rabin gaskiya. Ƙa'idar tarayya ta Amurka ta ce gajeren hutu, daga minti 5 zuwa kamar 20, ana lissafa shi cikin lokacin aiki a biya. Amma hutun cin abinci na minti 30 ko sama, wanda aka sake ka gaba ɗaya, ba dole a biya ba. Kin ga ko da ƙa'idar ta shafi Maman Ilham, minti 32 da abinci a ciki ya faɗa rukuni na biyu. Sannan ba ta ma shafe ta ba. Ƙa'idar ta ma'aikacin da kamfani ya ɗauka ce, ita kuwa mai zaman kanta ce, kwangila ta karɓa.

A nan gida, Dokar Ƙwadago sashe na 13 ta ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi hutu, sau ɗaya ko a rarrabe, wanda jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Maganar sashen a ba ka hutun ce. Batun ko za a biya ka shi, wannan sai a duba yarjejeniyarka. Kuma ita ma dokar ba kowa take kira ma'aikaci ba, ta ware masu aikin gudanarwa da ƙwararru. Don haka ga irin aikinku na intanet, abin da kuka rubuta tsakaninku da mai aikin shi ne dokarku.

Ummi_Tech:
Na gode Barista, ashe kanun labarin kawai na riƙe.

Abu_Hanif:
'Yar'uwa ki riƙa amfani da tsarin Pomodoro. Minti 25 aiki, minti 5 hutu, bayan zagaye huɗu ki yi dogon hutu. Tunda na fara bayana ya daina ciwo, kuma duk minti 20 ki ɗaga ido ki kalli nesa na daƙiƙa 20 saboda ido.

Zee_Kaduna:
Malam Abu ba wannan taimar ake nufi ba 😅 Taka kai ka saita wa kanka. Tata kuɗi take ƙirgawa daga aljihun wata.

Abu_Hanif:
Af, afuwan, ban karanta har ƙasa ba. Amma to tambayar ta dawo kaina: ni ma awa ake biyana, minti biyar-biyar ɗin nan nawa in tsayar ko in bari? A awa huɗu sun kai minti 40 fa in aka tara.

Malam_Nura_Zariya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙodago gida biyu. Akwai wanda aka ɗauka don lokacinsa, kamar leburan gini da aka ɗauka na yini, shi kaɗai yake wa mai gida aiki a wannan yinin. Akwai kuma wanda ake biya don aikin da ya gama, kamar tela, ba ruwanka da awa nawa ya yi a kan rigar. Na farkon, malamai sun ce lokacin sallar farilla da alwala da biyan buƙata a cire yake tun asali, ba a rage masa lada don ya je ya yi sallah, ko da ba a ambata a yarjejeniya ba, saboda al'ada ta san da haka.

Sai dai ni inda nake tsayawa a lamarin Maman Ilham shi ne, ba yini aka saya a wurinta ba. Awo ake yi, kamar mudu, kowane minti goma da farashinsa, kuma an ba ta maɓallin tsayarwa a hannunta. Mudun a hannun mai sayarwa yake, mai saye yana wata ƙasa ba ya gani. Wannan shi ne wurin da Suratul Muɗaffifin take tsoratar da ni. Tunda mantuwa ce babu laifi a kanta, amma yanzu da ta gani, gogewa ta fi kwanciyar hankali. Allah ne mafi sani.

Dan_Asabe_77:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja kaɗan. In leburan gini ba a rage masa kuɗin sallah, me ya sa za a rage wa wadda ke zaune awa bakwai a kujera tana yi wa mutum ɗaya aiki? Ai ita ma yininta ta ba da. Bambancin kawai shi ba a ɗaura masa agogo ba. Kar mu mai da tsoron Allah ya zama kullum talaka ne zai yi asara.

Malam_Nura_Zariya:
Maganarka tana da ƙarfi Ɗan Asabe, ban raina ta ba. Amma mai ginin ya san leburansa zai je sallah, yana ma ganinsa ya tafi. Ita wannan matar ta sani? In ta sani ta yarda, an gama magana, halal ne tsantsa. In kuwa ba a gaya mata ba don ana tsoron za ta ce a'a, to ka ga amsar tana cikin tsoron.

Dan_Asabe_77:
To ai ba kowane mai aiki ake iya yi wa wannan maganar ba. Wani kana cewa sallah zai fara neman wani.

Hajjo_Maradi:
Ni dai bari in ba ku nawa, ko da ba irin naku ba ne. Na yi shekara biyu a wurin amsa kiran waya na wani kamfani. A can ba tsayar da agogo kake ba, lamba kake zaɓa a allo: ta hutu daban, ta abinci daban, ta banɗaki daban, sai wata ta kammala rubutu bayan kira. To wannan ta ƙarshen ita ce maɓoyar kowa. Kira ya ƙare, ka gama rubutunka cikin daƙiƙa talatin, amma ka bar kanka a kanta minti huɗu kana shan ruwa, don ita ba a cire ta daga hutunka. Muna ganin kamfani muke yi wa wayo. Ashe duk kiran da ya kamata ya zo min yana tafiya ne wurin ta kusa da ni. Wata rana na ga wata baiwar Allah mai ciki tana amsa kira a jere ba ko numfashi, ni da wasu uku muna zaune a wannan lambar muna hira ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya yi min faɗa, ni na ji kunya da kaina. Daga ranar in ruwa zan sha, ta hutu nake dannawa.

Zee_Kaduna:
Hajjo wannan ya taɓa ni wallahi.

Amma ku bari in juya zancen, don akwai ɗaya ɓangaren da ba a faɗa. Mu masu aikin tantance bayanai, kowane aiki da taimarsa, kuma an ce mana ana sa ran a gama cikin minti 12 misali. Wanda ya cika wucewa sai a rage masa aiki. Kun san abin da mutane ke yi? Sai su danna tsayarwa su ci gaba da aikin a ɓoye, su yi minti 20 amma a rubuta 12. Na yi haka kusan wata biyu ina ganin ƙwazo ne. Wannan ma ai ƙarya ce, kawai dai kaina na cuta. Kuma ba ni kaɗai ba: masu ba da aikin suka ga kowa na gamawa a 12, sai suka ce ashe da sauƙi, suka mayar da shi 10. Sabbin shiga da suke rubuta gaskiyar lokacinsu su aka fara sallama.

Injiniya_Kabir:
Zee kin taɓo inda ya fi damuna. Mutane sun ɗauka gaskiya a taima ita ce yawan tsayarwa, alhali ita ce agogo ya faɗi abin da ya faru, sama ko ƙasa. Kuma ga wani kuskure da nake gani, musamman ga masu irin aikin Maman Ilham: suna ganin layuka biyu ko uku a akwati sai su tsorata su goge. In kin saka abin ji a kunne kina maimaita wata jimla sau biyar don wani dattijo ya yi magana da Sakkwatanci ga hayaniyar kasuwa a bayansa, hannunki ba ya motsi, amma aiki kike. Ba a goge wannan. Abin yi shi ne ki rubuta a Memo, gurbin bayanin abin da kike yi, misali sauraron fayil na 7, sauti ba kyau, daga minti 14 zuwa 19. Hoton ma zai nuna fayil ɗin a buɗe.

Ni tambayar da nake wa kaina ita ce, in mai aikin ya leƙo ta bayana a wannan mintin, zan ci gaba da abin da nake ko zan yi sauri in canza? Tunani a kan matsalar aiki, karanta umarninsa, jiran fayil ɗinsa ya buɗe ina zaune a gabansa, duk ba zan canza ba. Miƙewa in sha ruwa minti biyu ma ba na tsayarwa. Amma duk abin da zai fitar da ni daga ɗakin ya kai minti biyar, tsayarwa nake.

Abu_Hanif:
Ke nan nawa na minti biyar yana kan iyaka. Kai.

Injiniya_Kabir:
Naka a tsare yake, ka san da zuwansa, don haka ya fi sauƙin tambaya. Ka rubuta masa layi biyu: ina hutun minti 5 duk rabin awa, ka fi so in bar agogo ko in tsayar? In ya amsa a rubuce ka adana. Minti biyar ɗin ba dokar kowa ba ce, ni na yanka wa kaina.

Bashir_Sola:
Duk kun manta babban mai tsayar mana da aiki: Nepa. An ɗauke wuta, na fita tayar da inji, igiya ta tsinke, na dawo bayan kwata. Wa zai biya wannan? Ba hutu na je ba fa, gumi na sha.

Barista_Hauwa:
Kai za ka biya Bashir, sai haƙuri. Wuta da data da kwamfuta kayan sana'arka ne, a cikin farashinka ya kamata su fito. In dala 6 ba ta ɗauke man inji da hutunka, sai ka nemi 7, ba ka cusa kwata a agogo ba.

Bashir_Sola:
Barista faɗa da baki. Ki nemi 7 ki ga mutum nawa ne a layi za su yi a 4.

Injiniya_Kabir:
Bashir abu ɗaya da zai rage maka asara: in sabis ne kawai ya yanke amma kwamfuta na kan batir kuma aikin yana kanta, kar ka tsayar, ka ci gaba. Manhajar tana ajiye lokacin ta tura in sabis ya dawo. In kuwa ka yi aiki ka manta ba ka kunna ba, akwai Add manual time, in mai aikin ya buɗe maka damar. Sai dai ka sani lokacin da ka saka da hannu ba ya cikin kariyar biyan kuɗi ta Upwork, in aka yi gardama ba za su tsaya maka a kansa ba. Haka ma akwatunan da ba motsin kirki ko ba Memo. Shi ya sa barin akwatunan wofi irin na Maman Ilham ba riba ba ce ko ta fuskar lissafi: mai aiki yana da har Juma'a ya duba makon ya yi ƙorafi, kuma in ya ga hoton da kwamfuta ke zaune fayil bai motsa ba, zai fara zargin har sa'o'in da aka yi da gaske.

Sadiq_Gwale:
Ai shi ya sa wasu ke sayen ɗan abin nan mai motsa linzami da kansa. Ba ni ba fa, wani abokina 😌

Ummi_Tech:
Ka gaya wa abokin naka a 2024 bankin Wells Fargo ya kori ma'aikata sama da goma sha biyu a kan kwaikwayon motsin kibod don a ga kamar suna aiki. Kuma gane shi ba wuya: layuka goma cif a kowane akwati, linzami na ta yawo, kibod shiru, hoto shida a jere shafi ɗaya. Mutum na gaske aikinsa hawa da sauka ne.

Sadiq_Gwale:
Zan isar masa da saƙo.

Nas_Rabi:
Ina ta karantawa ina murmushi. Mu a asibiti aikin dare awa goma sha biyu, hutu a takarda yake kawai. Ki ɗauki cokali a kira ki. Ku da kuke da maɓallin da za ku danna ku tashi ba mai kiranku, wallahi ku riƙa tashi. Na ga masu irin aikinku suna zuwa da ciwon wuya da na baya, in ka tambaya sai su ce ai in na tashi kuɗi ya tsaya. Ƙanena haka yake, yana riƙe fitsari don kar akwati ya lalace.

Dan_Asabe_77:
Yawwa Anti Rabi, abin da nake faɗa ke nan. In aka ce duk hutu a aljihunka yake, mutane ba za su huta ba. Tsarin ne da kansa yake da gyara, ba Maman Ilham ba.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na bi lissafin Injiniya, na goge na 1:30 da 1:40 da 1:50, na bar na 1:20 don hotonsa ya kama ni ina rubutu. Sannan na yi ƙarfin hali na rubuta wa matar. Na ce mata ranar Alhamis na manta agogo yana tafiya na cire minti 30, kuma kullum ina tashi sau biyu a lokacin aikinta don ibada, kamar minti goma-goma, ya take so in yi da su. Ta amso ɗazu. Ta ce duk abin da bai kai minti goma ba kar in damu in bar shi, na abinci kuwa in tsayar. Har da tambayata ko a fayil na 7 ne sautin ya ba ni wahala, ashe tana dubawa.

Malam_Nura_Zariya:
Alhamdu lillahi. Ki adana wannan saƙon nata.

Dan_Asabe_77:
Kin yi sa'ar mutuniyar kirki ce. Nawa da na tambaya, cewa ya yi ko banɗaki in tsayar. Har yau ina ganin wannan zalunci ne, ko da na sa hannu.

Zee_Kaduna:
Maman Ilham ki manna 'yar takarda a ƙofar ɗakin ki rubuta TAIMA, ni haka na yi. Kuma ki ɗaga linzamin nan sama inda auta ba zai kai ba.

Bashir_Sola:
To la'asar da alwala da neman hijabi duk a minti goma? Anti sai dai in a guje za ki yi. In ya kai sha uku fa, ki bar goma ki cire uku, ko duka za ki cire? Injiniya kana nan?